Luba da Gidan Wake a Takardar Kalilu

Luba mutuniyar garin Bugaje ce, aure ya kawo ta Jibiya, mijin ya rasu ya bar ta da tukwane biyu da baki. Bakin ya fi tukwanen amfani. Shekara ashirin tana tuƙa wa direbobi tuwo a bakin iyaka, babu wanda ya taɓa cewa ta rage masa malmala.

Shekarar babban fari, lokacin da kuɗin fetur ke zuba a birni, mutanen arewacin Maraɗi suka riƙa tsallakowa da ƙwarya a hannu. Wani kwamitin agaji ya kafa rumfa a bayan ofishin kwastan don ciyar da yaransu, aka ɗauki Luba dafuwa. Mai lura da rumfar Malam Kalilu ne, malamin asibiti, siriri mai fensir a kunne. Ba mugu ba ne. Tsoro ne dai ya yi masa yawa.

Shi ya tsiro da takardar. Ya manna manyan falle biyu da ƙaro, ya ja layuka da rula. Fallen farko ya kwafe shi daga wani littafi: kowane abinci da lambarsa, da abin da ke cikin giram ɗari nasa. Na biyu na mako ne, Asabar zuwa Juma'a. Ya rubuta lambar abinci da nauyin rabon yaro ɗaya, sai ya leƙa fallen farko ya ɗauko ƙimar, ya ninka da nauyin, ya raba da ɗari, ya zuba a gidaje uku: mai gina jiki, sitaci, maiƙo. A gida na huɗu yake haɗa ƙarfin abincin, wanda yake kira kalori. Na farko da na biyu ya ninka da huɗu, maiƙo da tara. Ƙasan takarda jimillar mako.

Ranar farko ya ɗora malmalar tuwo a sikeli, ya yi lissafi, fuskarsa ta washe.

"Inna, ashe yaran nan sun fi ni cin abinci."

"Mi ka auna?"

"Tuwo mana."

"Littafin naka tuwo ya ce, ko gero?"

Ya duba. "Gero. Busasshe."

"To ruwan rijiya ka auna, Malam. Tiya guda in na tuƙa ta, nauyinta sai ya ninka uku. Ka rubuta masu ruwa a gidan abinci?"

Ya goge. Daga ranar komai ɗanye ake aunawa, kuma bayan surfe, don Luba ta ce dusa awaki ke ci ba yara ba. Karatu ba ta da shi, amma ta sa ya nuna mata gidajen ɗaya bayan ɗaya. Da ya ce wake ashirin da uku yake da shi a gidan gina jiki, gero goma, garin rogo ɗaya tak, sai ta tsoma yatsa a manja ta dangwala a ƙasan gidan.

"Wannan gidan wake ne. Ko da ka mutu na gane shi."

Rabon yaro a yini gero giram ɗari biyu ne, wake hamsin, da cokalin man gyaɗa. A ƙasan gidan wake jimillar mako takan kai ɗari biyu da ashirin. Yara suka fara tashi. Akwai 'yar wata Fatu, da ta zo ƙafa a kumbure, gashi ja kamar na masara, ta fara zama da kanta tana ƙwace ludayi.

Sai aka ba Alhaji Ɗantala kwangilar kawo abinci. Bara waccan dillalin jakai ne a kasuwar Lahadi, bana yana da Fijo da haƙorin Makka. Mako biyu ya kawo wake, na uku ya sauke buhunan garin rogo, ya kuma rage rabin gero.

"Ina wake, Alhaji?" in ji Luba.

"Gari ya fi cika ciki, Inna. Tambayi malaminku."

Kalilu ya cika takarda. Gero ɗari, gari ɗari da hamsin. Gidan kalori bai motsa ba, domin gari sitaci ne zalla. Gidan wake kuwa ya faɗo zuwa tamanin. Luba ba ta san lamba ba, amma ta ga inda ake rubuta ƙwaya uku ya koma biyu. Ba ma sai ta duba takarda ba. Cikin wata guda ƙafar 'yar Fatu ta sake hawa, in an danna yatsa sai ya bar rami.

Aka ce mai duba aiki na zuwa daga Katsina. Alhaji ya shigo rumfa yana toshe hanci da hankici, ya sa Kalilu ya shimfiɗa takardar.

"Wane gida ne babba?"

"Na kalori, ranka ya daɗe."

"Ya cika?"

"Ya cika. Amma wannan..."

"Takardarka ta faye faɗi, Malam. Manya ba su da lokaci. Naɗe ta."

Kalilu ya naɗe ta, gidaje uku suka shige ciki, na kalori kaɗai ya rage a fili. Har da guga mata ƙumba don naɗin ya kwanta. Luba na tsaye da muciya tana kallonsa, ya ƙi ɗago kai.

Mai dubawa ya iso da hantsi, takalminsa na ƙyalli. Ya kalli gidan kalori ya gyaɗa kai, ya zaro alƙalami. Luba ta goge hannu a zani, ta matso, ta ja bakin takardar ta warware ta har ƙarshe. Ta ɗora yatsa a kan tabon manja.

"Yallaɓai, ni ban yi boko ba. Karanta mini nan."

"Tamanin."

"Malam, ɗauko ta watan jiya."

Kalilu ya miƙo tsohuwar takarda. Ɗari biyu da ashirin. Luba ta ɗauko 'yar Fatu daga tabarma ta ajiye ta kusa da lambobin, ta danna ƙafarta, ramin ya tsaya.

Mutumin ya yi gyaran murya. Ya ce lallai a maido da wake. Ya sa hannu, ya shiga Fijon Alhaji suka tafi cin kaji.

Wake ya dawo ranar Laraba, buhu huɗu. Luba ta kwance bakin na farko, wari ya buge ta, ƙwari suka watso mata a hannu. Ta damƙi cikin tafi ta murza, ya zama gari baƙi. Kowace ƙwaya da hujinta, wasu ɓawo ne kawai. A bayan buhunan akwai saƙo daga kwamiti, wai an sallami mai dafuwa saboda rashin ladabi a gaban baƙo.

Ta sami Kalilu a tebur yana cike takardar sabon mako.

"Nawa ka ba wannan waken?"

"Ashirin da uku, Inna."

"Wannan?"

"Littafin ba shi da layin wake mai ƙwari."

 Sai ta zube masa abin da ke hannunta a kan takardar, ƙwarin suka bi layukan rula suna yawo daga gida zuwa gida. Ta tofar da yawu a ƙofar rumfa, ta ɗauki muciyarta, don tata ce.

Ba ita kaɗai ta fita ba. Fatu ta goya 'yarta ta bi ta har gida, suka zauna a ɗakin Luba wata huɗu. Waken da Luba ta ajiye don iri shi ta riƙa dafa wa yarinyar da ɗan ƙuli-ƙuli, har ƙafar ta sace. Sauran yaran rumfa suka ci abin da aka ba su, takarda kuma ta ci gaba da cika kowace Juma'a.

Luba ta koma bakin iyaka, ta bar tuwo ta kama ƙosai, shi ta yi har tsufa ya zaunar da ita. Kalilu ya sami ƙarin girma aka kai shi birni. In ya biyo ta Jibiya yakan tsaya a gaban kaskonta ya gaishe ta da Inna. Takan amsa, ta naɗe masa ƙosansa a takarda, ta miƙa da hannun hagu.