Gemun Direba

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shekara ashirin da shida yana tuƙa motar ma'aikata a wata masana'antar robobi. Mutum ne mai tsabta, maganarsa kaɗan, farcensa kullum a yanke. Furfura ta fara masa daga gemu, ta haura kai.

Da aka kawo sabon manaja, sai aka soma sallamar masu farin kai ɗaya bayan ɗaya. Maigidana ya tafi wurin abokinsa mai aski, wanda suke kira Dogo.

“Dogo, ka mayar min da shi baƙi wuluk.”

“Tsoho, so kake a ce ka faɗa tukunya? Zauna. Furfura lallaɓa ta ake yi.”

Sai da Dogo ya ɗiga masa maganin rina gashi a bayan kunne, aka jira kwana biyu a ga ko fata za ta kumbura. Sannan ya zaɓi launin da bai kai gashinsa duhu ba, ya taje masa a gemu da kai, minti biyar ya wanke. Duk kwana goma a ƙara kaɗan, gefen kunnuwa kuwa a bar masa fari-fari. Ko ni da muke ɗaki ɗaya, gani na yi kamar hutu ya samu. Shekara uku yana riƙe da makullin motarsa a haka.

Ana nan Dogo ya kwanta asibiti, shago a rufe mako uku. Saiwar gemu ta fito fara fat, ga shi an sa ranar tantance ma'aikata. Ana gobe ranar, bayan la'asar, maigidana ya shigo da ɗan kwalin maganin rina gashi daga kanti, baƙi mai ƙarfi.

“Uwargida, taimaka ki shafa min.”

Rubutun kwalin ƙanana ne, ban tsaya karantawa ba. Ni lalle na sani, shi kuwa lalle daɗewa ce kyansa. Na lafta masa ko'ina har gefen kunnuwa, na ce ya bari ya kama sosai. Awa guda ya yi.

Da ya wanke, gemun ya zama kamar an shafa man takalmi, fatar kumatu ta rine, duk tamojin fuskarsa suka fito fili. Mun goga da sabulu har wurin ya yi ja.

Da safe ma'aikata na shiga mota suna cewa, “Kai, Baba ango! Ina amaryar?” Manaja ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa a ɗauko takardar shekarunsa. Kafin azahar ya karɓi makulli.

Maigidana ya dawo a ƙafa, ya aske gemun da kansa a tsakar gida. Na durƙusa na ce laifina ne.

“Tashi,” ya ce. “Ni na sayo.”

Bai ƙara tuƙi ba. Wata goma sha ɗaya ya yi a kujerar bakin ƙofa, Allah ya karɓi abinsa.