Gonar Bayan Danga

Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa. In na yi shiru, kuka ne, a jira ni.

Gona ce a bayan dangarmu, mai ɗorawa a tsakiya, ta maƙwabcinmu. Tamu tana da nisa, ƙafafun maigidana kuma sun gaji. Sai suka yi ciniki gaban shaidu, maigidana ya ba shi shanun huɗarmu biyu, a kan in an cire amfanin gona a kaka za a miƙa mana ita. Maigidan bai ga kakar ba.

Ina cikin takaba na fara jin motar bulo. Ashe maƙwabcin ya sake sayar da ita ga wani Alhaji daga birni, mai kiwon kaji, bai kuma gaya masa zancen cinikinmu ba. Ɗana ya so ya yi magana, na hana shi. Maƙwabcin nan shi ya yi wa ubansa wanka. Ka kai wanda ya wanke maka gawa ƙara, ƙasar kabari ba ta bushe ba? Na ce a bari, zai ji kunya da kansa. Na fita takaba, aka yi ta zaman sulhu wurin mai unguwa, gini na tashi. Damina ta zo ta wuce.

Da muka je babbar kotu a Kano, har an yi rufi. Lauyarmu, wata mai haƙuri, ta roƙi a dakatar da aikin kafin a gama shari'a. Alƙali ya ƙi, ya ce abin da za a tsayar ya riga ya tsaya da ƙafarsa. Ta kuma roƙi a tilasta cika alkawarin, a ba mu gonar.

Mun sha hanya. Motar garinmu Ɗambatta har ta san ni.

A ƙarshe alƙali ya yarda an karya mana alkawari. Na ɗauka shi ke nan. Amma ya ce diyya za a biya mu, ba gona ba.

A bakin kotu na tambayi lauyar yadda mai gaskiya zai tashi ba abinsa. Ta ce, "Inna, diyya haƙƙinku ce. Tilastawa kuwa sai alƙali ya auna, don kada gyaran wani zalunci ya haifi wani. A kan gona yakan tilasta, tunda babu gona biyu iri ɗaya. Amma kuna kallo ake gini kuka yi shiru, Alhajin kuma ya saya bai sani ba."

Na ce mata kara na yi. Ta sunkuyar da kai.

An biya. Ɗana ya sayi wasu shanun, yana tafiya gonar nesa kamar yadda ubansa ya yi. Ɗorawar an sare ta. Da hantsi in iska ta juyo, warin kaji ke shigo mini ɗaki, sai in ja tabarmata zuwa zaure.