Takardar Waken Inna

Shekarata ta farko a aikin malamar gona a Gusau na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. An sa ni koya wa manoman Bungudu ajiye wake a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ba a zuba wa magani. Na shirya hotunan da zan haska a bango da majigi. Da aka zo takardar da za su tafi da ita gida, sai kawai na ƙanƙance hotunan na jera a shafi ɗaya, na raba.

Ƙanen mahaifina yana wurin taron, shi ya kai wa Inna, mahaifiyata, takardar a ƙauyenmu Karakkai. Na manta abu guda: maza ke zuwa taro, mata ke ɗaure buhu. Inna ba ta ga majigi ba, ba ta ji bayanina ba. Hoton buhu ta gani da kalma ɗaya a ƙasa, "Ɗaurewa". Ta haɗa bakin ledojin ta ɗaure tare, da iska a ciki. Kafin bazara ƙwari sun mai da waken gari. Ba ta yi mini faɗa ba, wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da kaka ta zagayo aka ce in maimaita a Tsafe da Bungudu. Ranar wata Juma'a kowa ya watse daga ofis, daga ni sai fanka mai ƙara, ina fama da rubuta sabuwar takardar. Shugabana ya leƙo zai wuce.

"Malama, har yanzu? Ki buga hotunan mana, wa zai karanta?"

Haushi ya kama ni, amma na ce, "Akwai mai karantawa, ranka ya daɗe."

Hoton ɓarnar ƙwari da bayanin yadda rashin iska ke kashe su na bar wa majigi, tunda ina tsaye zan yi magana. A takardar na sa abin da hannu zai yi in ba na nan. A shanya wake har ya ce ƙas a haƙori. A duba leda ko ta huje. A matse iska, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta daban. A ɗora kan katako saboda ɓera. Kada a riƙa buɗewa. Duk layin da Inna za ta ce "me ke nan?" na soke shi na sake.

Shekarar nan ban samu zuwa gida ba, hanya ba daɗi. Ta hannun ƙanen mahaifina na aika wa Inna takardar. Ni kaɗai a ɗakin haya, ina ta zullumin buhunan nan.

Sai da damina ta faɗi Inna ta kira ni. Ta kwance buhu, ko ƙwaro ɗaya babu.

"Matar maƙwabcinmu ta karanta min," in ji ta. "Sau ukku ni sa ta maimaita. Ba don ban gane ba, ɗiyata. Maganarki ce sak, kamar kina ɗakin."

Ta kashe waya. Na daɗe zaune da ita a hannu, ba wanda zan gaya wa.