Hannun da ya kai kunne

Ƙanena ya shigo gidana a Madawa ranar Lahadi bayan an taso daga coci, ya ƙi zama. Ma'aikacin jinya ne a asibitin mishan, ni kuwa na daɗe da ajiye alli, bayan shekarun da na yi ina shugabantar lakkol, makarantar boko. Ya ce wani mai sayen albasa ya taya rabonsa na garkar noman rani da mahaifinmu ya bar mana, har ya ba shi kuɗin kafin alƙalami, zai zo jin amsa ranar kasuwa. Da kuɗin yake so ya ƙarasa ginin gidansa.

"In ka sayar, mi za ka ci bayan ritaya?" na tambaye shi.

"Na yi lissafi, Yaya. Duba mini kawai."

Muka bi shi tare. Yana da miliyan biyu a banki, yana tara jika talatin, dubu talatin ke nan, duk wata, watau jika ɗari uku da sittin da yake zubawa a ƙarshen shekara. Bankin yana ƙara masa huɗu bisa ɗari. Gidansa na bukatar jika ɗari da ashirin a wata, fanshon da aka ce zai samu kuwa saba'in ne. Hamsin ɗin da suka rage, jika ɗari shida ke nan a shekara, daga ajiyarsa za su fito. Ya ɗibar wa kansa shekara goma sha biyar bayan aiki, ya samu miliyan tara. Ribar da ajiyar za ta yi a lokacin bai sa ta ba, ya bar wa tsadar kaya, kuma na yaba masa a kan haka.

Ya ce saura shekara goma ya bar aiki. A cikinsu miliyan biyun za su kusan zama uku, zubin shekara-shekara da ribarsa ya kai miliyan huɗu da jika ɗari uku. Duka wajen miliyan bakwai da jika ɗari uku. Giɓin bai kai miliyan biyu ba.

"Wanga ina iya cike shi," in ji shi, yana kai da komo tsakanin ƙofa da randa.

Matata tana tsince shinkafa a gefe. Tsakaninta da shi ba'a ce tun ranar da aka kawo ta gidanmu. Ta ɗaga kai ta ce, "Ƙaramin miji, shekarun wa ka ƙirga? Naka ko na Zaƙo-zaƙo?"

Sunan da ake tsokanarsa da shi ke nan yana yaro, saboda tsawo. A zamaninmu babu mai takardar haihuwa a ƙauye. In masu ɗaukar 'yan lakkol suka zo, sai a ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓa kunnen ɗaya gefen. Wanda hannunsa ya kai, ya isa shiga. Ƙanena ya kai tun da wuri, mai rubutu ya dubi tsayinsa ya yanka masa shekaru, ya ɗora huɗu a kan na gaskiya. Duk gidan mun san haka, muna ma dariya da shi. Shi kansa ya saba da ƙirga shekarunsa daga damanar da uwarmu ta ce an haife shi. Amma wurin aiki da shekarun takarda yake sallamar mutum.

Ya tsaya cak. "Shida," ya ce. "Shida suka rage."

Na sake lissafin, shi yana tsaye a kaina. A shekara shida miliyan biyun za su zama biyu da rabi, zubin bai kai miliyan biyu da jika ɗari huɗu ba. Duka ƙasa da miliyan biyar. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaya ɓangaren: takarda ta tsufar da shi, jikinsa bai tsufa ba, don haka shekarun ci sun tashi daga goma sha biyar zuwa goma sha tara, miliyan goma sha ɗaya da jika ɗari huɗu. Giɓin ya kai wajen miliyan shida da rabi, in ma fanshon bai ragu ba.

"Ba a gyara takardar?" ya tambaya.

"Je ka tambayi alƙali. Amma kada ka sayar da ƙasa bisa fatan amsarsa."

"To ginin fa? Damana biyu ke nan bango na shan ruwa."

"Ka rufe ɗaki biyu da kwano ka shiga," in ji matata. "Bene na masu gajeren hannu ne."

Bai yi dariya ba. Ya fita, ya dawo ya ɗauki hularsa, ya sake fita. Kwanakin nan har zuwa ranar kasuwa ban zauna wuri ɗaya ba ni ma. Garkarsa tana jikin tawa, kuma ban san abin da zai yanke ba.

Ranar kasuwa mai albasa ya same ni, fuska a murtuke, ya ce an mayar masa da kuɗin kafin alƙalami. Da la'asar na tarar da ƙanena a bakin rijiyar garka, ya naɗe ƙafar wando, yana tambayar maƙwabcinmu nawa ake ba da hayar fangali a rani, da kuma ko mutum mai shekarunsa zai iya koyon dashe.