Magagarin Mainassara

Duk wanda ya taɓa jiran abin hawa a tashar Dantchiao ya san Mainassara. Dogo ne, baƙi, ya ɗan ranƙwafa ta kafaɗar dama saboda shekara ashirin da uku da ya yi yana riƙon kan moto, wato babur, cikin yashi. Kabu-kabu yake yi. Ya kai ka Magaria, ya kai ka Waca, in ka matsa masa ya kai ka har Dungass, amma can sai ka saurari ƙorafin bayansa tun daga tashi har sauka. Yara masu sababbin motoci suna ce masa Baba, suna wuce shi a guje. Ba ya ko ɗaga kai. Da yawansu yakan iske su gaba kaɗan, a tsugunne gefen hanya suna kallon inji.

Abin da aka fi saninsa da shi ba tuƙi ba ne. Wani ɗan guntun magagari ne, irin na maƙera, wanda bai kai tsawon tafin hannu ba, kullum yana aljihun gaban rigarsa. In ya shiga kasuwar Magaria sayen kayan moto, masu shaguna sukan yi tsaki tun daga nesa. Kwali ba ya ruɗinsa. Ya sha faɗa mana cewa akwai kanikawan da ke tara kwalayen kayan kirki su sayar, a je a zuba jabu ciki a liƙe, don haka shi kwali takarda ne kawai. In buji zai saya, wato fulogin da ke ba inji wuta, sai ya murza rubutun da ke jikin farin tangaransa da babban yatsa ya ga ko zai goge, ya duba ko ƴar wayar tsakiya ta zauna daidai, ya kife shi ya ga ko zoben gindin zai zame ya faɗo, don na kirki ba ya fita haka nan. In sarƙa ce, sai ya riƙe ta a kwance ta gefe ya miƙa hannu. Wadda ta lanƙwashe sosai tun tana sabuwa, ya ce ta tsufa a cikin ciki. In kuwa pinyo ne, wato faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa, nan magagari ke fitowa. Sai ya goga shi a kan haƙori ɗaya. Ƙarfen da aka gasa yadda ya kamata, magagari zamewa yake yi a kansa da ƴar ƙara. Jabu kuwa sai ya ci, ka ga gari yana zuba.

Mutum ɗaya ne a duk kasuwar bai taɓa ganin magagarin nan a shagonsa ba, shi ne Alhaji Bukar. Dalili kuwa, ɗan Alhaji Bukar ne ke auren Aziza, ƴar Mainassara ta fari. To ka ga ai akwai kunya. Yaya za ka tsaya gaban mutumin da ƴarka ke cin tuwon gidansa, ka zaro ƙarfe kana goga masa kaya a gaban jama'a? Shekara huɗu Mainassara yana kauce wa abin da dabara: ya saya man inji a wurinsa, ko madubi, ko robar ƙafa, abubuwan da ba su kashe kowa. Manyan kaya kuwa sai ya zagaya ta layin masu tukwane ya saya a wani wuri.

Bana, gab da faɗuwar damina, dabarar ta ƙare. Ya je gaisuwa, moto na tsaye bakin shago, Alhaji ya sunkuya ya dubi sarƙar.

"Malam Mainassara, wannan ai ta gama aiki. Haƙoran nan sun zama ƙaya. Ga shi kuwa jiya kaya suka iso mini daga ƙetare, na babban kamfani, sarƙa da pinyo biyu. Ɗauki, ka ba da abin da na sayo."

Kwalin ja ne, yana ƙyalli, har da ɗan tambarin nan mai canza launi. Mainassara ya ce hannunsa ya kai bakin aljihu ya dawo. Ya yi godiya, ya biya jika bakwai, wato sefa dubu bakwai, kuɗin waken da ya ajiye don wannan, aka ɗaura masa a nan take.

Sati uku suka yi. Ran da abin ya faru yana ɗauke da wata tsohuwa da buhun gyaɗarta, tsakanin Waca da Magaria, inda yashi ya fi zurfi. Tun kwana biyu yana jin sarƙa na tsalle yana ɗaure ta, tana sake saki. Rannan da ya ba moto wuta don ya fita daga yashin, sai ta zame daga haƙoran gaba ɗaya ta cushe. Allah Ya taimaka ba gudu yake yi ba. Tsohuwa ta sauka da ƙafafunta, ta yi masa addu'a iri biyu, ta bi amalanken shanu da ya zo wucewa. Shi kuwa ya tura moto kusan awa biyu da rana tsaka, mutum mai shekara hamsin da shida.

Da ya isa gida ya kwance ƙaramin pinyon ya duba. Haƙoran sun kwanta gefe guda kamar an lashe su. Ya goga magagari, ƙarfe ya zuba kamar sabulu.

Matarsa Baturiya tana tankaɗe, ta ce, "Sai ka mayar masa."

"In ce masa me?"

"Ka ce kayansa ba su da kyau, Malam. Ƙarya za ka yi?"

"Ke dai ba ki da ƴa a gidan, ko?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "To gero dai saura na kwana shida."

Kwana huɗu moto na jingine a zaure. Ran kasuwa ya sayar da tunkiyar da ta rage, ya hau motar haya zuwa Magaria, tsohon pinyon na cikin leda. Niyyarsa ya shiga ta baya ya fita ta baya. Kasuwa ta cika maƙil, masu amalanke na ihu a ba su hanya, masu lasifika na tallar maganin basir, ga zafi. Ya kutsa har teburin Yakuba, taubashinsa, wanda ke sayar da kayan moto ƙarƙashin wata rumfar kwano.

"A'a! Bawana ne yau da ƙafa? Ina jakar taka, ta mutu?"

"Rufe mini baki ka fito da sarƙa da pinyo."

Yakuba ya ɗora kwali biyu. Ɗaya ja ne sak irin na Alhaji. Ɗayan fari ne, ba ado, da sunan wani ƙaramin kamfani da adireshinsa a gefe.

"Jan nan in ka saya kada ka ce ka san ni," in ji Yakuba. "Yara ke nemansa, ni kuma ina gaya musu, ba sa ji. Na babban kamfanin na gaskiya ya ninka wannan kuɗi, ba ya zuwa a jika bakwai ko uban wa ya kawo shi. Farin nan bai yi ƙaryar kowa ba. Sunansa ya sa. Ba zai kai na asali daɗewa ba, amma zai fitar da kai damina da kaka."

Mainassara bai ɗauki maganarsa ba sai da ya gwada. Ya jera ramukan ƙusa da na tsohon, suka hau. Ya ƙirga haƙora, ya duba lambar sarƙa. Ya riƙe ta a kwance, ta tsaya da ɗan lanƙwasa kaɗan. Sannan ya zaro magagari ya goga, ya zame, ƙiii. Yana cikin goga na biyu ya ji sallama a bayansa.

Alhaji Bukar ne, ya fito zai tafi masallaci, buta a hannu. Ya dubi farin kwalin, ya dubi magagarin, ya dubi surukinsa. Yakuba, da bakinsa ba ya rufuwa, sai ga shi yana gyara kayan da ba su karkace ba.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da ruwan bana. Da ta ƙare ba abin da ya rage sai maganar.

"Na ga kamar kwanan nan muka ɗaura sababbi," in ji Alhaji.

"Haka ne, Alhaji. Hanyar ce... yashi ya yi yawa bana."

"Yashi." Ya miƙa hannu ga ledar. "Mu gani."

Ya juya pinyon a tafinsa. Ya ga haƙoran, ya ga gurbin da magagari ya ci. Ya ɗago ya dubi Mainassara.

"Yaushe?"

"Yau kwana biyar."

"Kwana biyar. Da mutum a baya?"

"Wata tsohuwa. Ba ta ji ciwo ba."

"Malam Mainassara, cikin kwana biyar ɗin nan na sayar da guda shida. Ɗaya ma ɗan ƙanena ne, mai kai yara makarantar lakkwal uku-uku a moto." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ni atamfa na sayar shekara talatin, ka sani. Ban san ƙarfe ba. Kwali na gani, na ga tambari. Kai da ka sani ka tsaya kana jin kunyata."

Mainassara ya sunkuyar da kai. Ya ce mini a ransa yana da amsa: da ya goga tun ranar, a gaban mutane, da wace fuska za a kalli Aziza a gidan? Amma bai faɗa ba, don bai tabbata amsar ta fi ta Alhaji nauyi ba.

Bayan azahar suka tafi shagon tare, aka sauke labule rabi. Kwali talatin da ɗaya suka rage. Mainassara ya zauna kan benci yana buɗewa yana gogawa, Alhaji na karɓa yana ajiyewa gefe.  Bayan na goma Alhaji ya ce ya isa, amma shi da kansa ya ci gaba da miƙo su har na ƙarshe. Ko ɗaya bai tsira ba. Alhaji ya zauna kan buhu, ya cire hula ya riƙe, ya fara lissafa sunayen waɗanda suka saya da baki, don ya aika a kira su. Biyu daga ciki baƙi ne, ba a san garinsu ba.

Da Mainassara zai tafi, Alhaji ya ce zai mayar masa da kuɗinsa, ya ƙi. Alhaji ya nace, ya sake ƙi, har suka gaji suka bari. Alhaji ya kai shi bakin layi kawai, ba har tasha ba kamar da.

Washegari aka ɗaura kayan farin kwalin, kuma har yau da nake ba ku labarin nan su ne a jiki, sau biyu kawai ya ɗaure sarƙar. Gero ya shigo gida. Alhaji Bukar ya daina kawo manyan kaya, ya koma man inji da tayoyi. Suna gaisawa, ba a fasa ba, sai dai gaisuwar ta gajarce. Aziza ta zo ganin gida bayan salla, ta ce ba wanda ya ce mata komai, surukinta ma ya aiko wa babanta da goro. Mainassara ya karɓa ya sa albarka, ya ce a ajiye masa, ya miƙe a tabarma ya ce wa Baturiya ta tashe shi in an kira la'asar, akwai mai zuwa Dungass.