Rasit Arba'in da Takwas

Rahamatu mai tuwo ba ta yi boko ba, amma a Samaru babu ɗalibin da ya taɓa cin ta da kwabo. A rumfarta ta bayan tasha, da ido take auna malmala, da ka take haɗa canji.

A farkon 1973 ta ɗauko hayar talabijin daga shagon Callistus a Sabon Gari, don masu cin tuwo su riƙa kallon labarai. Ta biya naira goma kuɗin ɗaurawa, wanda ba a mayarwa, sai naira shida duk wata, gyara a kan shago. Bayan shekara biyu, da aka yi ƙarin albashin Udoji, kuɗin ya koma takwas. Ta ci gaba da biya.

Sai wata rana, ƙarshen 1976, ta ji wani lakcara yana cewa naira ɗari biyu da ashirin ya sayi talabijin sabuwa dal. Ta ajiye ludayi, ta ɗauko gwangwanin da take tara rasit. Ba ta iya karanta su, amma ta san kowanne wata ɗaya ne. Ta kasa su sha biyu-sha biyu, kashi huɗu. Biyun farko, ɗari da arba'in da huɗu. Biyun baya, ɗari da casa'in da biyu. Da goman ɗaurawa, ɗari uku da arba'in da shida.

Washegari ta naɗe akwatin da zane, ta shiga mota da shi a cinya.

Callistus ya tarbe ta da fara'a. "Mama, ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Ni ce na gaji."

Ta faɗa masa lissafin. Ya duba littafinsa, bai musa ba. "Amma sau biyu muka gyara miki kyauta. A waje, naira talatin za ki kashe."

"Haɗa talatin ɗin da kuɗin sabuwa. Ɗari biyu da hamsin ke nan, kuma da tawa ce. Yanzu ko wayarta ba tawa ba."

"Lokacin ai ba ki da ɗari biyu a hannu."

"Gaskiya ne, shi ya sa ban ce ka cuce ni ba. Amma shekara ta biyar, ba da ni ba."

Ya ce zai rage mata zuwa bakwai. Ta gyara gyalenta ta fito, ta bar masa akwatinsa.

Ciniki ya ja baya. Mijinta Zailani, masinja a jami'a, ya ce taurin kanta zai rufe rumfar. Ta ce ta rufe ɗin. Naira casa'in gare ta a ajiye, duk wata kuma ta jefa takwas a asusu. Da wata takwas suka cika, ta sayi ta hannu a ɗari da hamsin wajen wani Ba'indiye mai komawa gida.

Sati uku ta yi hoton ya ɗauke. Callistus ta kai wa, ya karɓi naira sha biyu, bayan ta taya shi tara ya ƙi.