Kwabo a Gwangwanin Madara

Ni da ƙanena muka buɗe shagon kifin ƙanƙara a Sabon Gari, a shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, lokacin da ma'aikata suka fara cefanen kifi da katan. Gidanmu yana Fagge, ta wajen Kwaciri. Tun farko muka raba aikin ba tare da mun zauna mun tsara ba. Ni ke zama da rana, in yi ciniki, in tashi bayan la'asar. Shi ke buɗewa da asuba ya sallami mata masu abinci, ya tafi harkar sayen kaya, ya dawo da yamma ya rufe.

Muna da manyan firiza guda biyu, irin na kwance, da muka saya na hannu. Robar murfinsu ta saki, rufin shagon kuma kwano ne. A bazarar shekarar nan kullum sai an ɗauke wuta a layinmu bayan isha'i, ba a dawo da ita sai gab da asuba. Saboda haka muka sayi ɗan janareta, muka yi masa keji na ƙarfe a bayan shago. Akwai wani dattijo da ke gadin layin, kowa Baba yake ce masa. Na san shi ke tayar da injin idan an ɗauke wuta. Iyakar abin da na sani ke nan, ban taɓa tambayar yadda ake yi ba.

Ranar wata Laraba ƙanena ya cika firizan nan biyu har baki da kifin da ya sayo. Duk abin da muke da shi yana cikinsu. Washegari da hantsi mota ta buge shi a kan babur ɗinsa. Kafin magariba mun kai shi makwancinsa.

Na rufe shago har kwana bakwai. Amma kullum bayan azahar nakan zame daga wurin zaman makoki, in hau keke in je in duba. In buɗe ƙofa, in ji firiza suna ƙara, in ɗaga murfi, sanyi ya bugi fuskata, in danna kifi in ji shi da tauri. Sai in rufe in koma. A saman katan-katan na firizan dama akwai wani gwangwanin madara cike da ƙanƙara. Na gan shi kullum. Na ɗauka ruwan sha ne ƙanena ya ajiye ya manta, kuma ban iya taɓa shi ba.

Baba mai gadi ya zo gaisuwa sau uku. Yakan zauna can gefen tabarma, ya yi addu'a, ya daɗe bai tashi ba. Sau ɗaya na ga kamar zai yi magana, sai wasu baƙi suka shigo daga Kantin Kwari, ya matsa musu.

Ranar da na sake buɗewa, wadda ta fara zuwa ita ce matar da ke da gidan abinci a bayanmu. 'Yar ƙabilar Ibo ce, a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu. Madam muke ce mata. Ta riga ta zo gida ta yi mana ta'aziyya tare da mijinta. Ta ce katan huɗu take so, akwai taron coci ranar Lahadi, ita aka ba girkin.

Ina neman wuƙar yanke igiya sai ta ce, “Alhaji, na gode fa. Kwana biyun nan ina barci kamar jaririya. Ka sayar da wannan mai tarin ne?”

Na ce, “Wane mai tari?”

“Injinku mana. Tagata tana kansa. Da har na ce zan kai ku ƙara wurin mai unguwa. Yanzu shiru.”

“Tun yaushe?”

Ta daina dariya. Ta ɗan yi tunani, ta ce daren da aka yi rasuwa ta ji shi na ɗan lokaci, sai ya mutu. Daga nan ba ta sake jin sa ba. Ta ce ta zaci ko wata dabara muka samo.

Na zagaya baya. Kejin yana kulle. Gizo-gizo ya yi saƙa daga igiyar da ake ja har zuwa ƙarfen keji. Na leƙa, na ga an goge injin tas, an rufe kansa da buhu.

Da na dawo na tarar Madam ta ɗaga murfin firizan dama ta ɗauko gwangwanin. Ta karkata shi wajen haske, ta miƙo mini. Can ƙasa, ta cikin ƙanƙarar, na hango kwabo.

Ta ce, “Ba ka san wannan ba?”

Na ce ban sani ba.

Ta ce kullum da asuba, kafin marigayi ya sayar mata da ko kifi ɗaya, sai ya fara duba gwangwanin nan. Ruwa yake daskararwa, ya ɗora kwabo a sama. Idan kwabon yana sama da safe, sanyi bai yanke ba. Idan ya nitse, to ƙanƙarar ta narke cikin dare, ta sake kamawa bayan wuta ta dawo. Ta ce, “Har tsokanarsa nake yi, ina cewa wannan kwabo ya fi ka albashi, shi yana kwana cikin sanyi kai kana kwana cikin zufa.”

Na riƙe gwangwanin har yatsuna suka fara zafi. Shekara biyu muna shago ɗaya, ban san da shi ba.

Na aika aka taso Baba daga ɗakin da yake kwana da rana. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya gaishe ni.

Na ce, “Baba, injin nan bai tashi ba.”

Ya ce, “Bai tashi ba, Alhaji. Babu mai.”

Sai ya yi mini bayani. Kullum idan ƙanena zai rufe, yakan fito da galan ɗaya na fetur daga shago ya ba shi hannu da hannu, tare da goro. Ba ya barin fetur a keji saboda tsoron gobara da ɓarayi. Idan an ɗauke wuta, Baba ya sauke makunnin da ke raba shago da layin wuta, ya zuba mai, ya ja igiya. Da asuba idan wuta ta dawo ya kashe, ya mayar da makunni. Daren rasuwa ɗan ragowar da ke cikin tanki ya yi aiki da shi har ya ƙare.

Na ce, “Me ya sa ba ka gaya mini ba? Sau uku ka zo gidana.”

Ya sunkuyar da kai. “Na zo da maganar a bakina. Sai in gan ka zaune a kan tabarmar nan, malamai suna kewaye da kai. Ta yaya zan ce maka kawo fetur? Kuma an ce mini kullum kana zuwa da rana. Na ce to ya gani da idonsa, ya san abin da yake yi.”

Madam ta ce, “Baba, ni fa? Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Da ka buga mini taga ai da na ba ka galan, ko don in ji daɗin yi maka masifa.”

Ya ce, “Madam, ke da kullum kike zagin injin?”

Ban yi faɗa ba. Na nemi fushin a raina ban samu ba. Da ni ne a wurinsa, ban san ko zan iya buɗe baki ba.

Muka fara fito da kaya, ni da Baba, Madam tana dubawa. Katan-katan na sama sun jiƙe sun sake bushewa, sun manne da juna, sai da muka sa ƙarfe. A ƙasan kowane katan akwai jan ruwa da ya daskare. Kifin ya lanƙwashe, ya haɗe kamar dunƙule ɗaya, idanunsa sun faɗa ciki. A hannu kuwa tauri gare shi kamar dutse, wari ma babu. Madam ta ɗauki ɗaya ta jefa a bokitin ruwan da ta ɗauko daga gidan abincinta. Bayan ɗan lokaci ta tsaga cikinsa da yatsa, ba ta sa wuƙa ba. Sai warin ya fito.

Jerin katan na biyu ma haka. Na uku rabi da rabi. Na can ƙasa, waɗanda sauran suka danne, suna nan yadda ƙanena ya jera su, kowane kifi a miƙe, da farin sanyi a jikinsa, katan a bushe.

Muna cikin haka wani dillali da ke kai wa masu suya kifi ya tsaya. Ya yi mini gaisuwa, ya dubi tulin da ke ƙasa, ya ce in mayar da su firiza kafin su saki, zai kwashe duka da yamma. Ya ce, “Alhaji, mai da yaji ba abin da ba sa rufewa.”

Ba zan ɓoye ba, na tsaya ina lissafi. Fiye da rabin kayan ne a ƙasa. Kuma shi ne kaya na ƙarshe da ƙanena ya ɗauka da hannunsa, har akwai rubutunsa da alli a jikin katan. Madam ba ta dube ni ba. Tana wanke hannu ta ce irin wannan kifi, idan ya sha zafi, ko an soya shi sai mutum ya yi ta ƙaiƙayi da amai, ta taɓa gani a kan yara.

Na ce wa dillalin ya yi haƙuri. Ya ce in yi tunani. Na ce na yi.

Muka kira masu tura kura biyu, aka loda lalataccen kifin. Na bi su har bayan gari, aka haƙa rami, na tsaya sai da aka rufe, don kada wani ya biyo baya ya tone. Ban so tsayuwar nan ba. Kwana takwas da suka wuce na tsaya a bakin wani ramin.

Da na dawo, na haɗa sauran a firiza ɗaya, na kashe ɗayan. Madam ta ɗauki katan huɗunta daga na ƙasa, ta buɗe kowanne a gabana kafin ta yarda.

Ranar ban tashi bayan la'asar ba. Na je na sayo fetur da goro. Na wanke gwangwanin, na zuba sabon ruwa, na saka kwabon, ya tafi ƙasa nan take. Madam ta dawo karɓar bokitinta, ta ga abin da na yi, ta ce, “Haba Alhaji. Sai ruwan ya kama tukuna.” Na ciro shi na sa a aljihu.

Da magariba ta kusa na miƙa wa Baba galan. Ya karɓa da hannu biyu. Na ce ya nuna mini makunnin da yadda ake jan igiyar, ya nuna mini, na gwada sau uku kafin injin ya kama. Ta tagar baya muka ji Madam tana cewa to, barci ya ƙare.

Washegari da asuba ni na buɗe shago. Ruwan gwangwanin ya daskare, na ɗora kwabon a kai. Da na zo asubar da ta biyo baya, na same shi a sama.